Yadda ake lissafa ainihin abin da za a cire maka idan farashin kaya a intanet da kuɗin wata ƙasa yake

Farashin da kake gani a shafin sayar da kaya na ƙasar waje ba shi ne zai fita daga asusunka ba, ko da ka canja shi zuwa kuɗin gida da farashin canjin da Google ya nuna maka. Tsakanin kantin da aljihunka akwai hannuwa biyu ko uku, kuma kowane hannu yana da ɗan abin da yake ɗorawa: kamfanin katin, bankinka, wani lokaci har da shi kansa mai kantin. Na daɗe ina wannan lissafi kafin na danna maɓallin biya, kuma abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka fitar da adadin da zai yi kusa sosai da abin da alat zai kawo maka.

Duk alƙaluman canji da na caji da ke cikin misalan nan na ƙirƙire su ne domin koyo. Zan riƙa cewa "kuɗin gida" kawai, kai kuma ka sa kuɗin ƙasarka da alƙaluman bankinka a madadinsu.

Abubuwan da za ka tanada

- Kalkuleta, ko ta waya ce ta isa, da takarda da biro.
- Shafin ƙarshe na biyan kuɗi a kantin, wanda ke nuna jimilla, ba shafin tallan kayan ba.
- Wurin duba farashin canji na tsakiya, kamar XE ko Google.
- Shafin lissafin canji na Visa ko na Mastercard, gwargwadon tambarin da ke jikin katinka. Kowannensu yana da irin wannan shafi kyauta.
- Jadawalin caje-cajen bankinka ko na manhajar da ta ba ka katin.
- Bayanan asusunka da ke nuna wata sayayya ta waje da ka taɓa yi da wannan katin, in akwai.

Na ƙarshen nan ya fi sauran daraja, za ka ga dalili a mataki na biyar. Idan ba ka taɓa sayayyar waje da katin ba, akwai hanyar da za a bi, zan faɗa a can.

Mataki na 1: Tabbatar da irin kuɗin da adadinsa

Kada ka dogara da alamar da ke gaban lamba. Alamar $ ba ta Amurka ce kaɗai ba. Kanada, Ostiraliya, Singafo da wasu ƙasashe da dama duk da ita suke rubuta kuɗinsu, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Haka alamar ¥ tana iya zama yen na Japan ko yuwan na Sin, alhali yuwan ɗaya ya ninka yen ɗaya sau da yawa. Abin da za ka nema shi ne haruffa uku na kuɗin: USD, CAD, AUD, EUR, GBP, CNY, JPY. Yawanci suna ƙasan shafi, ko kusa da jimilla a wurin biya.

Sannan ka lura da waƙafi da ɗigo. A Jamus da wasu ƙasashen Turai, 1.299,00 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in da tara, domin ɗigo ne ke raba dubbai, waƙafi kuma ke raba ƙananan kuɗi. Wanda ya saba da tsarin Ingilishi zai iya karanta shi a matsayin yuro ɗaya da ɗoriya.

Mataki na 2: Fitar da jimillar da kantin zai caja

Sa kayan a kwando, ka shigar da adireshin da za a kai su, ka bi har shafin ƙarshe amma kada ka biya tukuna. A nan ne kuɗin aikowa da haraji suke bayyana. Kantunan Amurka sukan nuna farashi ba tare da harajin saye ba, sai a wurin biya a ƙara shi idan adireshin na cikin jihar da ke karɓa. Wannan kan shafi mai amfani da adireshin kamfanin dakon kaya da ke can. Kantunan Turai kuwa farashinsu ya riga ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 20 cikin ɗari a Birtaniya da Faransa, kashi 19 a Jamus. Wasu kantunan sukan cire shi da zarar sun ga kayan za su bar yankin, wasu kuma ba sa cirewa. Shi ya sa lambar da ke gaban kalmar Total ita ce kawai abin aiki.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Kaya yuro 120, kuɗin aikowa yuro 18, jimilla yuro 138.

Kuɗin kwastam ba ya cikin wannan lissafi sai idan kantin ya ce ya karɓa tun daga can, abin da sukan rubuta da DDP. In ba haka ba, za ka biya shi daban lokacin da kayan suka iso, da kuɗin gida, kuma ba ta hanyar canjin katin ba. Ka ware masa layinsa a takardarka, kada ka cakuɗa shi da abin da muke lissafawa.

Mataki na 3: Ɗauko farashin tsakiya a matsayin ma'auni

A kasuwar canji kullum akwai farashi biyu: wanda ake saye da wanda ake sayarwa. Lambar da Google ko XE ke nunawa ita ce tsakiyar biyun. Mai saye da kati ba ya samun wannan farashi, amma da shi ake gane yawan abin da aka ɗora maka. Idan kuɗin kayan yuro ne, Babban Bankin Turai ma yana fitar da nasa farashin a kowace ranar aiki, kuma shi ma ma'auni ne mai kyau ga kuɗaɗen da ke cikin jerinsa.

A misalinmu, a ce yuro ɗaya yana daidai da 250 na kuɗin gida. To 138 sau 250 ya ba da 34,500. Rubuta wannan a gefe. Shi ne ƙasan farashi, abin da za a cire maka sai dai ya haura shi.

Akwai ƙasashen da farashin hukuma da na kasuwa suka yi hannun riga. Idan ƙasarka na cikinsu, lambar da intanet ta nuna tana iya zama ta hukuma, bankin kuma ya caje ka da wata daban mai nisa. A irin wannan hali kada ka gina lissafinka a kan farashin tsakiya ko kaɗan. Tambayi bankin kai tsaye da wane farashi yake cajin sayayyar waje da kati a yau. Ka ce "na kati", domin farashin da ke allon banki na sayen tsabar kuɗi daban yake.

Mataki na 4: Ɗora abin da kamfanin kati da banki suke ɗorawa

Nan ne zuciyar aikin, don haka mu bi shi a hankali.

Hannu na farko shi ne Visa ko Mastercard. Su ne ke canja yuron zuwa kuɗin da bankinka ke hulɗa da su da shi, kuma suna da farashinsu na kowace rana, wanda yawanci ɗan kaɗan ne ya ɗara na tsakiya. Shiga shafin lissafinsu, ka zaɓi kuɗin kantin da kuɗin katinka, ka sa adadin. Akwai gurbin da ake sa kason banki. Bar shi a sifili da farko domin ka ga farashinsu tsantsa. A ce ya nuna 251.

Hannu na biyu bankinka ne, kuma yana da hanyoyi biyu na karɓar nasa. Ta farko ɓoyayya ce: ya ƙara wani kaso a cikin farashin canjin kansa, ba za ka ga wani layi na daban a bayanan asusu ba, sai dai ka ga kuɗin ya yi yawa. Wannan shi nake kira ɗori. Ta biyu a fili take: la'adar sayayyar waje, wadda a jadawalin Ingilishi akan rubuta foreign transaction fee ko cross-border fee, kuma sau da yawa tana tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari. Wani banki ɗori kawai yake yi, wani la'ada kawai, wani kuma ya haɗa biyun. Idan ka ga an yi tallan kati da cewa babu la'ada, to ka duba farashin canjinsa da kyau, domin galibi can ribar ta koma.

Mu ce bankin misalinmu yana ɗora kashi 3 a kan farashin kamfanin kati, yana karɓar la'adar kashi 1.5, da tsayayyen caji na 200 a kowace sayayyar waje, sannan akwai harajin kashi 10 a kan caje-cajen banki. Ga yadda ake bi:

1. Farashin canji bayan ɗori: 251 sau 1.03 ya ba da 258.53.
2. Kuɗin kayan: 138 sau 258.53 ya ba da 35,677.14.
3. La'ada: kashi 1.5 na 35,677.14 shi ne 535.16.
4. Tsayayyen caji: 200.
5. Haraji a kan caje-caje biyun: kashi 10 na 735.16 shi ne 73.52.

Idan aka tara daga na biyu zuwa na biyar, an sami 36,485.82. Ka tuna farashin tsakiya ya ba mu 34,500. Bambancin ya kusa 1,986, wato kusan kashi 5.8 cikin ɗari. Raba 36,485.82 da 138, za ka ga a zahiri ka sayi kowane yuro a kan 264.39, ba 250 ba.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne lissafa la'ada a kan 34,500. Banki bai san da wannan lambar ba. A kan kuɗin da ya riga ya canja da nasa farashin yake ɗaukar kasonsa. Saboda haka kaso a kan kaso ninkawa ake yi, ɗaya bayan ɗaya, ba a tara su wuri ɗaya. A ƙaramar sayayya bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ga mai biyan kuɗin makaranta ko tikitin jirgi yana iya zama kuɗi mai kauri. Kuskure na biyu shi ne ɗora harajin a kan dukan kuɗin. A kan caji kawai yake hawa, in ma ƙasarka tana karɓarsa.

Shi kuma tsayayyen caji, ƙananan sayayya yake yi wa illa. Ɗauki manhajar da ake biya wa yuro 5 a wata. A farashin tsakiya 1,250 ne. Da wannan katin kuwa: 1,292.65 na canji, 19.39 na la'ada, 200 na tsayayyen caji, 21.94 na haraji, jimilla 1,533.98. Ƙarin ya haura kashi 22 cikin ɗari, kuma kowane wata sai an maimaita. Idan katinka na da irin wannan caji, biyan shekara gaba ɗaya ko haɗa kaya a oda guda ya fi maka sauƙi. Sai dai ka sani, wasu manyan kantuna sukan raba oda ɗaya gida-gida su caji kowane kunshi ranar da ya tashi, ka ga tsayayyen cajin ya fito sau biyu ko uku.

Mataki na 5: Gano ainihin farashin katinka daga sayayyar baya

Gaskiyar magana ita ce bankuna da yawa ba sa rubuta ɗorinsu a ko'ina, kuma ma'aikacin da za ka tambaya shi ma mai yiwuwa la'adar fili kawai ya sani. Ni a ganina wannan matakin ya fi na huɗu amfani, domin ba ya buƙatar kowa ya gaya maka komai. Asusunka ne zai ba da shaida.

Nemo wata sayayyar waje da ka yi da katin, wadda ta riga ta kammala. Kana buƙatar abu uku: adadin kuɗin waje da ke rasidin kantin, dukan abin da aka cire saboda ita, da farashin tsakiya na ranar. Wajen tara abin da aka cire, ka duba layukan da ke biye da ita har na kwana biyu ko uku, domin la'ada da haraji sukan fito a layinsu daban, wani lokaci ma washegari. Farashin ranar kuwa XE na da tarihin farashi, shafukan Visa da Mastercard ma suna barin ka zaɓi kwanan wata na baya, ko da yake ba su komawa da nisa sosai.

A ce ka sayi abu na yuro 40, dukan layukan sun taru 10,648, farashin tsakiya na ranar kuma 248 ne. Fara cire tsayayyen caji da harajinsa, wato 220, saura 10,428. Raba da 40, ka sami 260.7. Raba wannan da 248, ka sami 1.0512. Wannan lambar ita ce maninkin katinka: ta haɗiye ɗorin kamfanin kati, ɗorin banki, la'ada da harajinta, duk a wuri ɗaya. Daga yau lissafinka ya koma layi guda:

```
abin da za a cire = jimilla × farashin tsakiya × maninki + tsayayyen caji da harajinsa
```

Gwada da misalinmu: 138 sau 250 sau 1.0512 ya ba da 36,266, a ƙara 220, an sami 36,486. Daidai yake da abin da dogon lissafi ya ba mu. Idan kana amfani da Excel ko Google Sheets, sa jimilla a A2, farashin tsakiya a B2, maninki a C2, tsayayyen caji da harajinsa a D2:

```
=A2*B2*C2+D2
```

Kada ka manta da cire tsayayyen cajin kafin rabawa. Wanda ya raba 10,648 da 40 kai tsaye zai sami maninki mai kumburi, ya riƙa tsorata kansa a manyan sayayya ba dalili. Kuma in da hali ka gwada da sayayya biyu ko uku. Idan lambobin sun yi kusa da juna, ka ɗauki mafi girma. Idan sun yi nisa, ko dai bankin ya canja tsarinsa, ko kuɗaɗen ba iri ɗaya ba ne; dala da yuro da fam kowanne na iya samun nasa maninkin a kati ɗaya, musamman inda banki ke fara mayar da komai dala kafin kuɗin gida.

Idan ba ka da sayayyar baya, yi ƙaramar sayayya ta gwaji a irin kuɗin da kake shirin kashewa, ka jira ta kammala, ka yi wannan lissafi a kanta. Idan ba lokacin hakan, sa kason da jadawalin banki ya faɗa a gurbin shafin Visa ko Mastercard, sannan ka ƙara wani abu a sama don ɗorin da ba a faɗa ba. Wannan kiyasi ne, don haka ka bar sarari mai yawa a asusun.

Mataki na 6: Idan kantin ya ce zai caje ka da kuɗin ƙasarka

A shafin biya za ka iya ganin zaɓi biyu: ka biya da EUR, ko ka biya da kuɗin gida a wani adadi da aka riga aka rubuta. Wannan tsari ana kiransa DCC, kuma ma'anarsa mai kantin ko kamfanin da ke karɓar masa kuɗi ne zai yi canjin, da farashin da ya ga dama. Yana da daɗin gani, tun da ka san lambar nan take. Amma kusan kullum ya fi tsada.

Gwada shi ba wuya. Raba adadin da suka nuna da jimillar kuɗin waje. A ce sun nuna 37,260. A raba da 138, an sami 270, wato kashi 8 sama da farashin tsakiya. Tun a nan ya riga ya wuce 36,486 da katinka zai caja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne, biya da kuɗin gida ba ya hana banki karɓar la'adarsa. Bankuna da yawa inda kantin yake suke dubawa, ba irin kuɗin da aka biya ba. Idan bankin misalinmu haka yake yi, za a ƙara 558.90 na la'ada, da 200, da harajin 75.89, kuɗin ya kai 38,094.79. Ka yi asarar fiye da 1,600 a kan danna maɓalli ɗaya.

Ƙa'idar kamfanonin kati ita ce a ba mai saye zaɓi, amma wasu shafuka sukan riga su zaɓa maka kuɗin gida, sai ka nemi ɗan ƙaramin rubutun da zai mayar da kai kuɗin kantin. PayPal ma yana da nasa canjin da nasa ɗorin, kuma idan da kati kake biya yakan bar ka zaɓi bankinka ya yi canjin; duba kusa da inda aka nuna farashin canji kafin ka tabbatar. A Tarayyar Turai, tun 2020 doka ta tilasta a nuna yawan ɗorin a matsayin kaso a kan farashin Babban Bankin Turai, shi ya sa a wasu shafuka za ka ga an rubuta shi ƙarara. Inda ba a rubuta ba, rabawar nan ta isa.

Ban ce kada ka taɓa karɓa ba. Idan ɗorin bankinka ya yi muni ƙwarai, tayin kantin na iya fin sauƙi. Lissafi ne zai raba gardama: adadin kantin tare da la'adar banki a gefe ɗaya, sakamakon maninkinka a ɗaya gefen.

Ka kuma bambance wannan da shafin da ke nuna farashi da kuɗin gida don kiyasi kawai. Irin wannan za ka ga alamar ≈ ko kalmar approx., kuma a ƙarshe da kuɗin kantin za a caje ka. Lambar kiyasin yawanci da farashin tsakiya aka fitar da ita, saboda haka ba ta da amfani gare ka.

Mataki na 7: Idan katin dala kake amfani da shi

Mutane da yawa suna biya da katin da ake zuba wa dala, ko na banki ko na manhaja. A nan canjin yana faruwa ne lokacin da ka sayi dalar, don haka farashin wannan ranar ne naka, tare da cajin zuba kuɗi idan akwai. Idan kayan da dala suke, shi ke nan, canji ɗaya ne. Idan da yuro ko fam suke, canji biyu ne, kuma kowanne da ɗorinsa.

Lissafin daga ƙarshe ake faro shi. A ce yuro ɗaya dala 1.10 ne, yuro 138 sun zama dala 151.80. Katin yana ƙara kashi 2 a kan duk abin da ba dala ba, sun zama 154.84. Manhajar tana sayar maka da dala a kan 236, da cajin zubawa kashi 1: 154.84 sau 236 ya ba da 36,542.24, sau 1.01 ya ba da 36,907.66. A wannan misali katin kuɗin gida ya fi sauƙi da kusan 420, amma da alƙalumanka abin na iya juyawa. Ka duba ko akwai kuɗin buɗe kati, kuɗin wata-wata, da cajin da wasu ke yi idan biya ya gaza saboda kuɗi bai isa ba. Na ƙarshen nan ne ya sa bai kamata ka zuba daidai wa daida ba.

Mataki na 8: Bar sarari, sannan ka bi sawun kuɗin bayan biya

Lokacin da ka biya, banki riƙe kuɗin yake yi tukuna. A manhaja za ka ga an rubuta pending. Sai kantin ya kammala karɓa, bayan kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, ainihin cirewar take tabbata. Wasu kantunan ma ba sa kammalawa sai ranar da kaya suka tashi. A wasu katunan farashin ranar riƙewa ake bi, a wasu na ranar kammalawa, kuma idan kuɗin gida ya faɗi a tsakani za a ƙara cire cikon. Ga wanda bai san da wannan ba, sai ya ga kamar an cire masa sau biyu, alhali gyaran lissafi ne.

Saboda haka nakan bar kashi 2 zuwa 3 a sama da abin da lissafi ya ba ni. A misalinmu, 36,486 sau 1.03 ya kusa 37,600, shi ne abin da ya kamata ya kasance a asusun. Idan kuɗin ƙasarka na yawan hawa da sauka, ƙara sararin. Kasuwar canji ta duniya kan rufe a ƙarshen mako, kuma wasu manhajoji sukan ƙara ɗori a ranakun Asabar da Lahadi don kare kansu. Idan ba gaggawa, bari sai ranar aiki. Ka kuma duba ko katinka na da iyakar abin da za a kashe a waje a rana ko a wata, domin biya na iya gazawa ko da kuɗi na nan.

Bayan cirewar ta tabbata, tara dukan layukan ka kwatanta da kiyasinka. Idan tazarar ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu ba, motsin kasuwa ne. Idan ta kai kashi biyar ko fiye, duba rasidin kantin: in ka ga kuɗin gida a jikinsa maimakon EUR, to DCC ne ya shiga ba ka lura ba. In rasidin da EUR yake, to bankin ne ya canja farashinsa ko cajinsa, sai ka sake fitar da maninki daga wannan sayayyar ka ajiye sabon.

Abu ɗaya ya rage da ya kamata ka sani kafin ka sayi abin da kake shakkar za ka mayar. Kantin yuro 138 zai mayar, ba 36,486 ba, kuma za a canja su da farashin ranar mayarwa. La'ada da tsayayyen caji sau da yawa ba sa dawowa. Idan a ranar yuro ya sauka zuwa 245, ko da an ba ka farashin tsakiya cif, 33,810 ne za su shigo, ka rasa 2,676 ba tare da kayan na hannunka ba. Don haka ga tufafi ko takalmin da ba ka tabbatar da awonsa ba, sa wannan asarar da kuɗin mayar da kunshin a cikin lissafinka tun kafin ka biya.